Taku biyu, biyar ko goma? Hanyar Euler da hannu a gaban amsar ainihi

Ɗalibin da aka ba shi lissafin sauyi, wato lissafin da ke faɗin saurin da abu ke canzawa, ya warware da hannu, takarda da biro da kalkuleta kawai ke gabansa, dole ya yanke shawara kafin ya rubuta lamba ko ɗaya. Zai nemi amsar ainihi ta hanyar kalkulas ne, ko zai bi ta hanyar Euler yana takawa kaɗan-kaɗan? In Euler ya zaɓa, taku nawa zai yi? In kuma amsar ba ta gamsar da shi ba, ƙara yawan taku zai yi ko hanya zai canza? Yawancin ɗaliban da na koyar amsa ɗaya suke bayarwa, wai a ƙanƙanta takun, shi ke nan. Akwai gaskiya a ciki, amma ba su taɓa zama sun ƙirga abin da ƙanƙantawar ke ci musu da abin da take ba su ba. Ƙirgar ce za mu yi a nan, da misali guda wanda muka san amsarsa tun farko, don mu ga kuskuren da idonmu.

Misalin kofin shayi ne. An zuba shi yana digiri 90, ɗakin kuma yana digiri 30. Ƙa'idar hucewa da Newton ya wallafa a 1701 ta ce saurin da abu mai zafi ke hucewa yana tafiya ne daidai da tazarar da ke tsakanin zafinsa da zafin wurin da yake. In tazarar na da yawa, ya huce da sauri. In ta ragu, saurin ya ragu. Mu ɗauka cewa a kowane minti saurin hucewar kashi ɗaya bisa goma ne na tazarar. Wannan 0.1 ni na zaɓe shi don lissafi ya zo da sauƙi, domin na kofin gaske ya danganta da kofin da yawan shayin da iskar wurin. T shi ne zafin shayin, t lokaci a minti, dT/dt kuma saurin canjin zafin.

```
dT/dt = -0.1 (T - 30),    T(0) = 90
```

Tambayar ita ce: nawa zafin zai kasance bayan minti goma?

Mu fara da hanyar kalkulas, tunda ita ce ma'aunin da za mu auna sauran da shi. Wannan lissafin yana rabuwa: ka kai duk abin da ya shafi T gefe guda, na t ɗaya gefen, ka haɗa kowane gefe, wato ka ɗauki integral ɗinsa, sannan ka yi amfani da 90 ɗin farko ka gano lambar da ta rage. Layi uku ko huɗu ne a takarda, sai ka samu wannan:

```
T(t) = 30 + 60 e^(-0.1t)
T(10) = 30 + 60 e^(-1) = 52.07
```

Riƙe 52.07 a ranka. Lura kuma da abin da wannan fomula ta ba ka: ba minti goma kaɗai ba, kowane lokaci kake so, minti uku da rabi ko awa guda, danna kalkuleta sau ɗaya ne. Idan lissafin da ke gabanka yana warwaruwa haka, kuma ba a ce lallai ka bi ta Euler ba, to babu wani zaɓi da ya rage. Ka warware shi ka wuce. Euler ba ya gasa da amsar ainihi a inda take samuwa.

To me ya kawo shi? Dabarar Leonhard Euler ce, mutumin Basel da ya yi yawancin rayuwar aikinsa a Berlin da Saint Petersburg, kuma ta fito a littafinsa na kalkulas na 1768. Tunanin mai sauƙi ne ƙwarai. Ba ka san yadda zafin zai kasance nan gaba ba, amma ka san inda kake yanzu, kuma lissafin ya faɗa maka saurin da kake sauka a yanzu. Sai ka yi kamar wannan saurin ba zai canza ba na ɗan lokaci, wanda muke kira h, ka taka zuwa can, ka tsaya, ka sake auna saurin, ka sake takawa.

```
T_sabo = T_tsoho + h × (-0.1) × (T_tsoho - 30)
```

Mu gwada da ganganci tukuna, taku biyu na minti biyar-biyar. A farko tazarar 60 ce, saurin saukar digiri 6 ne a minti. Minti biyar a kan wannan saurin digiri 30 ke nan, shayi ya koma 60. Yanzu tazarar 30 ce, saurin ya zama 3, minti biyar ya cire 15, mun sauka a 45. Amsar ainihi 52.07, mu muna 45. Mun zarce da fiye da digiri bakwai.

Ba sai an yi nisa ba wajen neman dalili. Digiri 6 a minti gaskiya ne, amma a daƙiƙar farko kawai. Da shayin ya fara hucewa tazarar ta fara raguwa, saurin ma ya bi ta. A minti na biyar saurin gaske bai kai digiri 4 ba, mu kuwa mun tilasta masa 6 tun daga farko har ƙarshen takun. Shi ya sa muka isa 60 alhali shayin yana 66.39. Daga nan za ka iya sanin ɓangaren da kuskuren zai faɗa tun kafin ka taɓa kalkuleta. Zanen hucewar shayi yana sauka da tsananin gangara da farko, sannan ya riƙa kwanciya, kamar bakin kwarya in ka biyo shi zuwa gindinta. Miƙaƙƙen layin da ka ja daga kowane wuri a kan irin wannan zane ƙarƙashinsa yake bi. Saboda haka a wannan lissafin, muddin takun bai wuce minti goma ba, Euler kullum ƙasa da gaskiya zai ba ka. In ka ga amsarka ta Euler ta haura 52.07, kar ka yi murna, hannunka ne ya kauce a wani layi.

Yanzu mu yi shi yadda mai hankali zai yi a ɗakin jarrabawa, taku biyar na minti bibbiyu. Saurin farko 6, sau biyu 12, mun koma 78. Tazara 48, sauri 4.8, sau biyu 9.6, mun koma 68.4. Haka za ka ci gaba. Akwai gajeriyar hanya ga wanda ya lura: kowane taku yana cire kashi 0.2 na tazarar, wato yana barin 0.8 nata. Tazarar za ta tafi 60, 48, 38.4, 30.72, 24.576, 19.661, sai ka ƙara 30 a kan kowacce. Ga su jere da amsar ainihi:

```
minti   Euler (h=2)   ainihi   kuskure
0       90.00         90.00    0.00
2       78.00         79.12    1.12
4       68.40         70.22    1.82
6       60.72         62.93    2.21
8       54.58         56.96    2.38
10      49.66         52.07    2.41
```

Ginshiƙin ƙarshe shi ne ya cancanci a tsaya a kansa, kuma shi ne ɗalibai ke cikewa da sauri su rufe littafi. Taku na farko shi kaɗai ya jawo kuskuren 1.12. Da a ce kowane taku irin wannan yake ƙarawa, da mun ƙare da fiye da digiri biyar. Amma dubi yadda ƙarin ke raguwa: 0.70, sannan 0.39, sannan 0.17, na ƙarshe 0.03 kacal. Abu biyu ne suka haɗu. Na farko, zanen yana ƙara miƙewa yayin da shayin ke kusantar zafin ɗaki, don haka sabon kuskuren da kowane taku ke haifarwa yana ƙanƙancewa. Na biyun ya fi ban sha'awa. Tunda Euler ya sa shayinmu ya fi na gaske sanyi, tazararsa da ɗaki ta fi ƙanƙanta, sai lissafin ya ba shi saurin sauka ƙasa da na gaske. Shayin gaske kuwa yana saukowa da sauri yana cim masa. Tsohon kuskure yana narkewa da kansa. Da za ka ci gaba da takawa, a minti 12 kuskuren zai sauko 2.34, a minti 20 kuma 1.68.

Kar ka ɗauki wannan a matsayin halin Euler. Halin lissafin shayi ne. Ɗauki wanda yake girma, dy/dt = y da y(0) = 1, ka taka da h = 0.2. Kowane taku yana ninka y da 1.2. A t = 1 za ka samu 2.488 maimakon 2.718, giɓin 0.23. A t = 2 ka samu 6.19 maimakon 7.39. A t = 3 kuma 15.41 maimakon 20.09, giɓin ya kusa biyar. A nan wanda aka bari a baya saurinsa ma ƙasa yake da na gaba, kullum ƙara nisa suke yi. Kafin ka zaɓi tsawon taku, fara tambayar kanka ko lissafin naka mai haɗa hanyoyi ne kamar na shayi, ko mai raba su. Na farko yana yafe ganganci, na biyu yana ajiye maka shi da riba.

Mu koma ga kofinmu mu raba takun biyu, minti ɗaya-ɗaya, taku goma. Yanzu kowane taku yana barin 0.9 na tazarar: 54, 48.6, 43.74, har zuwa 20.92 a na goma. Amsa 50.92, kuskure 1.15. In ka sake rabawa zuwa rabin minti, taku ashirin, za ka samu 51.51, kuskure 0.56. Jera su ka gani: taku biyar 2.41, taku goma 1.15, taku ashirin 0.56. Duk lokacin da ka ninka aikinka, rabin kuskuren kawai kake zubarwa.

Me ya sa rabi, ba fiye ba? Kuskuren taku ɗaya yana tafiya ne da h sau h. Kimaninsa rabin h² ne sau yawan lanƙwasar zanen, wato saurin da saurin kansa ke canzawa, wanda a farkon lissafinmu 0.6 ne. Da h = 2 wannan ya ba da 1.2, mu kuma mun ga 1.12 a tebur. Da h = 1 ya ba da 0.3, kuma hakika takun farko ya kai mu 84 alhali ainihin 84.29 ne. Ka ga raba taku biyu ya mayar da kuskuren taku ɗaya kashi ɗaya bisa huɗu. Sai dai yanzu taku goma za ka yi kafin ka kai inda biyar suka kai ka a da. Rubu'in kuskure sau ninki biyu na taku, rabi ke nan. Abin da ake nufi ke nan in aka ce Euler hanya ce mai daraja ta ɗaya: kuskurenta na ƙarshe yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da h.

A nan ne shawarar "a ƙanƙanta takun" take gamuwa da gaskiyar biro. A lissafinmu kuskuren a minti goma ya kusa 1.1 sau h. In kana son amsar da ba ta kauce da fiye da digiri ɗaya ba, taku goma sha biyu sun ishe ka, aikin 'yan mintuna ne. In kana son 0.1, kana buƙatar taku sama da ɗari. In kuwa 0.01 kake nema, wato lambobi biyu bayan ɗigo su zama abin dogaro, taku fiye da dubu ne. Kwamfuta ba za ta ji komai ba. A Excel, in 90 na cikin B2 kuma h ɗinka 0.01 ne, layi ɗaya za ka rubuta a B3 ka ja shi ƙasa sau dubu:

```
=B2+0.01*(-0.1)*(B2-30)
```

Da hannu kuwa, ko an ba ka yini guda, kafin ka kai taku na ɗari biyu ka riga ka kwafi wata lamba ba daidai ba.

Kuma ƙaramin taku da hannu yana da wani tarkon da babba ba shi da shi. Na taɓa duba aikin wani ɗalibi da ya zaɓi rabin minti don ya burge ni, amma don ya rage wa kansa wahala sai ya riƙa mayar da kowace amsa cikakkiyar lamba, ba ɗigo. An ce ya bi shayin har minti arba'in. Tafiya ta yi tafiya har ya iso digiri 40. Tazara 10, sauri 1, rabin minti ya cire 0.5, ya samu 39.5, ya mayar da ita 40. Taku na gaba, 39.5, ya mayar 40. Ya cika kusan rabin shafi da arba'in, arba'in, arba'in, shayinsa ya ƙi hucewa. Ya zo yana cewa, "Malam, ko dai a nan ya tsaya?" Ba shayin ne ya tsaya ba, abin da kowane taku ke cirewa ne ya yi ƙanƙanta har yankan lambar da yake yi ya haɗiye shi. In za ka ƙanƙanta taku, dole ka ƙara yawan lambobin da kake riƙewa bayan ɗigo. Ni nakan ce a riƙe huɗu a cikin aiki, a yanke zuwa biyu a amsar ƙarshe kawai.

To in ƙanƙantawa tana da tsada haka, wace hanya ta rage wa mai biro? Biyu nake ba da shawara, kuma duka biyun daga jikin Euler suka fito.

Ta farko ba ta buƙatar ka koyi sabon abu. Ka riga ka yi lissafin sau biyu, da h = 2 ka samu 49.66, da h = 1 ka samu 50.92. Tunda ka san raba taku biyu yana raba kuskure biyu, to tazarar da ke tsakanin amsoshin nan, wato 1.26, ita ce kimanin abin da ya rage tsakanin ta biyun da gaskiya. Mun san ainihin abin da ya rage 1.15 ne, ka ga ƙiyasin bai yi nisa ba. Sai ka ƙara shi a kai: 50.92 da 1.26 sun ba da 52.18. Kuskure ya dawo 0.11. Taku goma sha biyar gaba ɗaya da ragi ɗaya da tarawa ɗaya sun ba ka abin da Euler tsantsa zai nemi taku wajen ɗari kafin ya ba ka. Ana danganta wannan dabara da Lewis Fry Richardson, Baturen Ingila da ya yi fice wajen ƙoƙarin lissafa hasashen yanayi da hannu. Babban amfaninta ma ba gyaran amsar ba ne. Ita ce ke gaya maka girman kuskurenka a ranar da babu amsar ainihi da za ka duba. Sharaɗinta ɗaya: takun biyu su kasance ƙanana daidai gwargwado, yadda ƙa'idar rabi ta fara aiki. In kana shakka, yi na uku ka duba ko tazarar tana raguwa da rabi. A namu, daga 49.66 zuwa 50.92 akwai 1.26, daga 50.92 zuwa 51.51 akwai 0.59, kusan rabi, hankali ya kwanta.

Ta biyu ita ce a gyara takun kansa. Matsalar Euler ita ce yana auna sauri a farkon taku kawai ya rufe ido. To me zai hana ka taka na gwaji, ka auna saurin a inda ka sauka, ka dawo ka yi takun gaske da matsakaicin saurin biyu? Ita ce ake kira hanyar Heun, ko ingantacciyar Euler. Da h = 2: saurin farko 6, takun gwaji ya kai ka 78, saurin can 4.8, matsakaicinsu 5.4, sau biyu 10.8, ka sauka a 79.2. Ainihin 79.12 ne. Inda Euler ya kauce da 1.12, wannan ta kauce da 0.08. In ka kammala taku biyar za ka samu 52.24, kuskure 0.17.

Adalci shi ne a gwada su da yawan aiki, ba da yawan taku ba, domin kowane takun Heun auna sauri biyu yake ci. Taku biyar na Heun aune-aune goma ne, daidai da taku goma na Euler. Da aiki iri ɗaya, Euler ya bar 1.15, Heun ta bar 0.17. Kuma ita in ka raba takunta biyu, kuskuren yana komawa kusan rubu'i. Wancan 0.01 da ya nemi taku fiye da dubu a wajen Euler, Heun tana kai shi da taku ashirin na rabin minti. Lura kuma cewa ita sama da gaskiya ta faɗa a wannan lissafin, ba ƙasa ba, don haka alamar da na ba ka ɗazu ta Euler ce kaɗai.

Saura ɗaya ɓangaren, wanda gaggawa ke kai mutum: babban taku. Har yanzu maganar da muke yi ta kaucewa ce kaɗan ko da yawa. Akwai iyakar da in ka tsallake ta, amsar ba kaucewa take yi ba, haukacewa take yi. A ce ana son zafin bayan awa guda, kai kuma ka ga taku sittin sun yi yawa. Ka zaɓi minti goma: sauri 6 sau 10 ya cire 60 cif, taku ɗaya shayi ya koma 30, ya zauna a nan har abada. Ka zaɓi minti goma sha biyar: 6 sau 15 ya cire 90, shayi ya koma sifili, ya zama ƙanƙara a ɗaki mai digiri 30. Taku na gaba ya ɗaga shi zuwa 45, sannan 22.5, sannan 33.75, yana lilo sama da ƙasa yana kusantar 30. Da minti ashirin, 90 ne da −30 suke karɓa-karɓa ba ranar tsayawa. Da minti ashirin da biyar kuwa daga 90 sai −60, sai 165, kowane taku ya fi na baya muni.

Sirrin yana cikin lambar nan da muke ninka tazara da ita, 1 − 0.1h. Muddin tana tsakanin sifili da ɗaya, tazarar na raguwa a hankali kamar ta shayin gaske. In ta faɗa ƙasa da sifili, alamar tazarar na juyawa a kowane taku, lilon ke nan. In ta wuce −1, lilon girma yake yi. Don haka ga lissafin da ke da k a gurbin 0.1 ɗinmu, h sau k dole ya gaza 2 kafin amsar ta zauna, ya gaza 1 kafin ta yi kama da gaskiya, kuma ni ba na barin ya wuce 0.2 in ina son lambar da zan iya karewa. Wannan ninkawa ɗaya ce da za ka yi kafin ka ja layin tebur. Heun ma ba ta tsira daga iyakar 2 ɗin nan ba. In k babba ne ƙwarai har takun da zai zauna ya yi maka ƙanƙanta, hanyar Euler ta baya ake komawa, wadda ke amfani da saurin ƙarshen taku, amma wannan zance ne na daban.

Akwai kuskuren hannu guda da lissafin shayi ba zai tona ba, saboda babu t a gefen damansa. Gwada dy/dt = t + y da y(0) = 1 da h = 0.1. Takun farko na Euler yana amfani da t = 0 da y = 1, sauri 1, amsa 1.1. Na biyu yana amfani da t = 0.1 da y = 1.1, sauri 1.2, amsa 1.22. Da yawa sukan rubuta sabon t a tebur tukuna, sai idonsu ya ɗauke shi, su haɗa sabon t da tsohon y, su samu 1.11 a takun farko. Abin takaicin shi ne amsar ainihi a nan, daga y = 2e^t − t − 1, ita ce 1.1103. Mai kuskuren sai ya ga ya fi mai daidai kusa da gaskiya, ya ƙi yarda an ci shi. Dace ne kawai na wannan lissafin, kuma abin da ya yi ba Euler ba ne. Maganinsa tsarin tebur: t da y da sauri duk a layi ɗaya, kar ka rubuta komai a layi na gaba sai ka gama da wannan.

In na tattara zaɓin ga wanda ke zaune da takarda yanzu, ya danganta da abin da aka tambaye shi. In tambayar jarrabawa ce da ta ba ka h, ba ka da ta cewa, bi Euler yadda yake, ka riƙe lambobi huɗu, ka duba ko kuskuren ya faɗa ɓangaren da lanƙwasar zanen ta nuna. In amsa kawai ake so kuma lissafin yana rabuwa, kalkulas. In kuwa ba ya warwaruwa, to a nan ne takawa ke biyan kuɗin sabulu. Ka ɗauka shayin nan a waje aka ajiye shi da asubar hunturu, zafin iska yana hawa yayin da rana ke fitowa, kuma abin da ke hannunka ba fomula ba ce, lambobi ne da wani ya karanta daga ma'aunin zafi duk bayan minti ɗaya. Babu 30 ɗin da za ka kafa ka haɗa. Mai takawa kuwa bai damu ba: a kowane layi sai ya cire zafin iskar wannan mintin a gurbin 30 ya ci gaba. A irin wannan hali zan yi Euler da minti biyu, in sake da minti ɗaya, in dubi tazararsu. In tazarar ta yi ƙasa da abin da ma'aunin zafin kansa ke iya bambancewa, na tsaya a nan, domin ma'aunin da ke karanta digiri ɗaya-ɗaya ba zai san bambancin 52.07 da 52.18 ba. In ta fi haka, sai in bar tsawon takun yadda yake, in ƙara ginshiƙi biyu a teburin, na takun gwaji da na sauri na biyu, in koma Heun.